Kwetiyafin: Maganin Taɓin Hankali da Ake Sha Don Neman Barci

Kwetiyafin magani ne na taɓin hankali, wanda ake rubuta sunansa Quetiapine a jikin kwali, kuma an fi saninsa da sunan kasuwa na Seroquel. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a shekarar 1997 don ciwon sikizofiriniya, wato nau'in taɓin hankalin da mutum ke jin muryoyin da babu su ko ya riƙe zargin da ba shi da tushe. Daga baya aka ƙara masa ciwon baifola, mai kai mutum ƙololuwar zumuɗi sannan ya jefa shi cikin matsananciyar damuwa, aka kuma yarda a haɗa shi da wani magani ga mai ciwon damuwa da ta ƙi jin magani ɗaya. Rashin barci ba ya cikin waɗannan. Duk da haka, a ƙasashe da dama, Amurka da Kanada da Denmak da Ostireliya na ciki, an wayi gari ana rubuta shi ga ɗimbin mutanen da lafiyar ƙwaƙwalwarsu ƙalau take, abin da kawai ya kai su asibiti shi ne dare ya yi musu tsawo.

Bambancin yana cikin yawan abin da ake sha. Mai sikizofiriniya yakan buƙaci miligiram 300 zuwa 750 a rana kafin maganin ya yi aikinsa. Mai neman barci kuwa ana ba shi ƙwaya mafi ƙanƙanta, ta miligiram 25, wani lokaci rabinta, wani lokaci a kai 50 ko 100, a sha da dare. Rubuta magani don wata lalura da ba a yi masa rajista dominta ba, ba laifi ba ne a doka, kuma likitoci na yin haka kullum idan akwai hujja. Abin dubawa shi ne ko a nan hujjar ta kai, da kuma ko ƙanƙantar ƙwayar na nufin ƙanƙantar haɗarinta.

Yadda ƙwaya ɗaya ke zama magani iri-iri

A cikin ƙwaƙwalwa akwai sinadarai masu kai saƙo tsakanin ƙwayoyin jijiya, kowanne da mazaunin da yake sauka, kamar mabuɗi da kwaɗonsa. Kwetiyafin yana toshe mazaunai da yawa, amma ba da ƙarfi ɗaya ba. Wanda ya fi kamawa da sauƙi shi ne mazaunin histamin, sinadarin da ke riƙe mutum a farke. Bayansa sai mazaunin adirenalin da ke matse jijiyoyin jini. Mazaunin dofamin, wanda toshe shi ne ke kwantar da taɓin hankali, shi ne kwetiyafin ke kamawa da rauni, sai an zuba magani mai yawa kafin ya riƙe shi yadda ya kamata.

Saboda haka miligiram 25 ba ya yin wani aikin a zo a gani a kan dofamin, amma ya isa ya rufe kaso mai yawa na mazaunan histamin. Wanda ya sha wannan ƙaramar ƙwaya, a zahiri abin da ya samu ya fi kama da abin da mai mura ke samu idan ya sha firiton: nauyin ido da kasala. Maganin yakan kai ganiyarsa a jini cikin kamar sa'a ɗaya da rabi, kuma rabinsa na barin jiki cikin kusan sa'o'i bakwai. Sai dai hanta tana juya wani ɓangarensa zuwa wani sinadari mai aiki da ya fi shi daɗewa, kusan sa'o'i goma sha biyu kafin rabinsa ya fita. Wannan ne ya sa mutum zai sha da ƙarfe goma na dare, ya tashi da asuba kansa a ɗaure, bakinsa a bushe, har hantsi yana jan jiki.

Dalilan da suka sa likitoci suka karkata gare shi ba ɓoyayyu ba ne. Tsofaffin magungunan barci irin su diyazefam, da na baya-bayan nan irin su zolfidem, an san suna kama mutum har ya kasa rabuwa da su, kuma doka ta sa musu takunkumi. Kwetiyafin ba ya cikin jerin magungunan da aka yi wa irin wannan takunkumi a yawancin ƙasashe, don haka rubuta shi bai da wahala. Ya kuma yi arha bayan da wa'adin mallakarsa ya ƙare a Amurka a 2012, kamfanoni da yawa suka shiga yin sa. Akwai kuma tarihin talla. A shekarar 2010 kamfanin AstraZeneca ya amince ya biya dala miliyan 520 don sasanta zargin gwamnatin Amurka cewa ya tallata maganin ga lalurorin da ba a amince da su ba, rashin barci na cikinsu. Kamfanin ya musanta aikata laifi, amma a lokacin al'adar ta riga ta zauna.

Hujjar amfaninsa

Cewa kwetiyafin na sa barci, babu mai musu. Wani gwaji da aka yi a Jamus a 2004 a kan maza goma sha huɗu masu lafiya ya nuna sun fi samun barci da miligiram 25 da kuma 100, kodayake a kan 100 an ga ƙaruwar fizgar ƙafa cikin barci. Amma masu lafiya goma sha huɗu na 'yan darare ba su ne masu ciwon rashin barci ba. Gwajin da aka fi ambata a kan masu rashin barci zalla, wanda aka gwada maganin da ƙwayar da ba komai a cikinta, an yi shi a Tailan aka wallafa a 2010. Mutum goma sha uku ne suka kammala shi, makonni biyu ya ɗauka, kuma bambancin da aka gani bai kai matsayin da za a dogara da shi ba.

Ke nan maganin da mutane ke sha shekara da shekaru, ba a taɓa gwada shi na dogon lokaci a kan lalurar da ake shan sa dominta ba. Kan haka ne ƙa'idojin likitocin barci na Turai suka ƙi ba da shawarar amfani da shi ga rashin barci idan babu taɓin hankali tare da shi. Ƙari a kan haka, jiki yakan saba da toshewar histamin, nauyin idon ya ragu bayan wasu kwanaki ko makonni, sai a ga an ƙara ƙwaya. Ta nan 25 ke zama 50, 50 ta zama 100.

Yunwa, ƙiba da sukari

Histamin yana da aiki na biyu a ƙwaƙwalwa: yana cikin abubuwan da ke gaya wa mutum ya ƙoshi. Idan aka toshe mazauninsa, barci ya zo, yunwa ma ta zo. Masu sayen magungunan ƙiba a kemis sun daɗe da sanin wannan ko da ba su san dalili ba, domin siforoheftadin, wanda ake sha don buɗe ciki, shi ma mai toshe histamin ne. A nan ne tunanin cewa ƙaramar ƙwaya ba ta da illa yake karyewa. Illolin da suka rataya a kan dofamin, kamar sandarewar jiki da karkarwa, lallai suna raguwa idan aka rage magani. Amma yunwar tana fitowa ne ta ƙofar da barcin ke shigowa, don haka duk adadin da ya isa ya kwantar da mutum ya isa ya taɓa cin abincinsa.

Masu shan maganin kan ba da labarin wata irin yunwa ta dare, mai neman zaƙi da abin gari, wadda ke tasowa kamar sa'a ɗaya bayan an haɗiye ƙwaya. Wasu ma sukan tashi cikin magagi su ci abinci, da safe sai dai su ga kwano a buɗe. Ga kuma kasalar rana da ke rage zirga-zirga. A gwaje-gwajen da aka yi da cikakken adadi ga masu sikizofiriniya, kashi 23 cikin ɗari sun ƙara aƙalla kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu cikin 'yan makonni, alhali a cikin waɗanda aka ba ƙwayar banza kashi 6 ne kawai. A ƙaramin adadi ƙarin ya fi sauƙi, amma yana nan. Wani ƙaramin bincike na 2009 da ya bi bayanan marasa lafiya 43 da ake ba miligiram 200 ko ƙasa da haka don barci ya samu sun ƙara kusan kilo biyu a matsakaici. Shi matsakaici yana rufe abubuwa: wani bai ƙara komai ba, wani ya ƙara ninkin haka sau da yawa, kuma ba a iya gane wanda zai faɗa a wane rukuni tun farko.

Ƙibar da ta fi tayar da hankali ita ce ta tumbi, domin kitsen ciki yana sa jiki ya daina jin insulin, sinadarin da ke kwashe sukari daga jini ya kai shi cikin tsoka da hanta. Idan jiki ya taurare wa insulin, sukari ya hau, kitsen jini da ake kira tiragilisarayid ya hau, sau da yawa hawan jini ya biyo baya. Tun 2003 hukumar Amurka ta buƙaci a sa gargaɗin hawan sukari a kan dukkan magungunan wannan aji. A cikin ajin, kilozafin da olanzafin ne suka fi muni, kwetiyafin na tsakiya.

Amma a kan ciwon sukari kansa, hujjar ƙaramin adadi ba ta yi ƙarfi ba. Wani babban bincike daga Denmak da aka wallafa a 2021 bai ga ƙarin ciwon sukari ba a tsakanin masu shan ƙaramin kwetiyafin idan aka gwada su da masu shan magungunan damuwa na yau da kullum. Wannan ya kwantar da hankali kaɗan, sai dai bai wanke maganin ga kowa ba. Mutumin da sukarinsa ke bakin iyaka, ko mahaifansa na da ciwon, ko matar da ta taɓa yin ciwon sukari lokacin goyon ciki, kilo huɗu ko biyar na iya zama abin da zai tsallakar da su.

Zuciya

Matsalar zuciya hanya uku take biyowa, kuma kowacce da lokacinta. Ta farko tana zuwa tun daren farko. Idan mutum ya miƙe tsaye, jini yakan gangara ƙafafu, sai adirenalin ya matse jijiyoyi nan take don kada ƙwaƙwalwa ta rasa jini. Kwetiyafin na raunana wannan matsewar, kuma ƙaramin adadi ya isa. Sakamakon shi ne jiri, duhun ido, bugun zuciya da sauri, wani lokaci faɗuwa. Matashi zai dafa bango ya wuce. Dattijon da ya tashi fitsari da tsakar dare, ga magagi ga duhu, shi ne ke karya ƙashin ƙugu. Zafi, gudawa, azumi da magungunan hawan jini duk suna ƙara wannan jirin.

Hanya ta biyu ta lantarkin zuciya ce. Bayan kowane bugu, tsokar zuciya tana buƙatar ɗan lokaci ta sake shiri kafin bugu na gaba. A takardar gwajin zuciya na ECG ana auna wannan lokacin da sunan QT, idan aka daidaita shi da saurin bugu kuma na'ura ta rubuta QTc. A bisa al'ada ba ya wuce kamar 450 ga maza da 460 ga mata, a ma'aunin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Idan ya haura 500, zuciya na iya faɗawa wani rikitaccen bugu mai sauri da ba ya tura jini, mutum ya suma, wani lokaci ya mutu nan take. A 2011 aka ƙara gargaɗin tsawaitar QT a takardar kwetiyafin ta Amurka.

Shi kaɗai, a miligiram 25, ga mai lafiyayyar zuciya, tsawaitar da yake yi kaɗan ce. Haɗarin yana taruwa ne, ɗaya bisa ɗaya: tsufa, zama mace, tsohon ciwon zuciya, raguwar gishirin fotasiyam a jini bayan amai da gudawa ko saboda maganin sa fitsari, sai kuma wani magani mai irin wannan illa. A nan batun ya shafi ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, domin kwinin da kulorokwin suna tsawaita QT, haɗin atimita da lumefantirin ma yana ɗauke da wannan gargaɗin. Haka magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su eritiromaisin da sifirofulokzasin, waɗanda ake saye a kemis ba tare da an tambayi me mutum yake sha ba.

Akwai wata dabara ta biyu da wasu magunguna ke yi. Hanta tana narkar da kwetiyafin ta hanyar wani sinadari guda, CYP3A4. Eritiromaisin, kilaritiromaisin, ketokonazol da ritonabir na masu ɗauke da cutar ƙanjamau duk suna danne wannan sinadarin, sai kwetiyafin ya taru a jini. An auna cewa ketokonazol na ninka shi sau biyar zuwa takwas. Wato mai shan 50 ya koma tamkar mai shan 250 ko fiye, bai ƙara ƙwaya ko ɗaya ba. Rifamfisin na tarin fuka da kabamazefin na farfaɗiya kuwa akasin haka suke yi: suna sa hanta ta kore shi da sauri. Idan aka ƙara adadi saboda su, sannan aka daina su ba a rage ba, sai maganin ya yi tsalle.

Hanya ta uku mai tafiyar hawainiya ce, ta ƙiba da kitsen jini da sukari, masu toshe jijiyoyi cikin shekaru. Binciken da ya fi girma a kan wannan ya fito daga Denmak a 2022. An gwada mutum sama da dubu sittin da suka fara ƙaramin kwetiyafin da wasu sama da dubu ɗari huɗu da hamsin da suka fara magungunan barci dangin zolfidem, aka ƙirga toshewar jijiyar zuciya, shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilin zuciya. Haɗarin ya fi da kashi 13 cikin ɗari a ɓangaren kwetiyafin, wato inda aka samu mutum 100 a wancan ɓangaren, a nan za a samu kamar 113. Da aka taƙaita ga lokacin da mutane ke ci gaba da shan maganin ba yankewa, ƙarin ya kai kusan rabi. Mata da waɗanda suka kai shekara 65 ne abin ya fi shafa. Bincike ne na bin bayanan asibiti, ba gwajin da aka raba mutane da ƙuri'a ba, don haka mai yiwuwa waɗanda aka ba kwetiyafin tun asali sun fi rauni ta wata fuska da bayanai ba su nuna ba. Amma sakamakon ya dace da abin da aka sani na yadda maganin ke aiki, kuma ga maganin da amfaninsa ga barci ya tsaya a kan 'yan tsirarun mutane, ƙaramin zargi ma yana da nauyi.

Rukuni ɗaya ne babu jayayya a kansa: tsofaffi masu ruɗewar tsufa. Tun 2005 magungunan wannan aji ke ɗauke da gargaɗi mafi tsanani a Amurka, bayan da aka haɗa gwaje-gwaje 17 aka ga kusan kashi 4.5 cikin ɗari na waɗanda aka ba magani sun rasu cikin kamar makonni goma, a kan kashi 2.6 na waɗanda aka ba ƙwayar banza. Yawancin mutuwar ta zuciya ce ko ciwon huhu. Kuma irin waɗannan tsofaffi, masu yawon dare suna hana gida barci, su ne iyali suka fi roƙa wa abin da zai kwantar da su.

Misali daki-daki

A ɗauki misalin malamar makaranta mai shekara 52, nauyinta kilo 78, tana shan maganin hawan jini mai sa fitsari. Wata huɗu ke nan barci ya ƙaurace mata, aka ba ta miligiram 25. Makon farko ta yi barci kamar an ɗauke ta. Bayan wata guda ta koma tana juyi a gado, aka mayar da shi 50, daga baya 100. Kafin kwanciya ta saba da shan shayi da burodi, abin da ba ta yi a da. A wata na takwas zanen da take ɗaurawa da rara ya koma da ƙyar yake kamawa, sikeli ya nuna 85.

Ma'aunin da likitoci ke bi tun yarjejeniyar ƙungiyoyin likitocin sukari da na ƙwaƙwalwa na Amurka ta 2004 shi ne, idan nauyi ya ƙaru da kashi 5 cikin ɗari, a sake duba maganin. Ga wannan mata kashi 5 shi ne kusan kilo huɗu, wato tun tana 82 ya kamata a tsaya. Yarjejeniyar ta ce a auna nauyi kafin farawa, sannan a mako na 4, na 8 da na 12, daga nan duk wata uku. Sukarin safe kafin karin kumallo, awon jini da kitsen jini a auna su a farko da kuma mako na 12. Ita ba a yi mata ko ɗaya ba, kuma haka abin yakan kasance, domin wanda ya rubuta yana ganin ƙwayar barci ya bayar. Da aka auna sukarinta na safe aka samu 112. Ƙasa da 100 shi ne lafiya, daga 126 ciwon sukari ne, ita tana tsakani.

Sai zazzaɓi ya kama ta da amai na kwana biyu. A kemis aka haɗa mata maganin zazzaɓin cizon sauro da eritiromaisin, ba wanda ya tambayi abin da take sha da dare, ita ma ba ta ƙirga shi cikin magunguna ba. Yanzu abubuwa huɗu sun haɗu: amai da maganin fitsari sun zubar da fotasiyam, eritiromaisin na tsawaita QT da kansa, yana kuma hana hanta narkar da kwetiyafin, ga maganin zazzaɓin a kai. Kwana na uku ta miƙe alwalar asuba, zuciyarta ta yi wani irin fat-fat, ta faɗi. Wannan suma ce ta gaggawa. Abin da ake yi a asibiti shi ne ECG nan take, gwajin fotasiyam da maganiziyam, a dakatar da magungunan da ke tsawaita QT, a mayar da gishirin da ya zube. Suma, bugun zuciya marar tsari ko ciwon ƙirji ga mai shan wannan magani ba abin jira ba ne har gari ya waye. Haka ƙishirwa mai tsanani da yawan fitsari da rama ba dalili, alamun sukari ya yi tashin gwauron zabi.

Inda yake da gurbi, da yadda ake barinsa

Duk wannan bai shafi mai sikizofiriniya ko baifola da aka ɗora a kan kwetiyafin ba. A wurinsa lissafin daban ne: ciwon da ake tarewa babba ne, amfanin maganin tabbatacce ne, barcin da yake samu ƙari ne, kuma yanke magani na iya dawo da ciwon da ƙarfi. Haka wasu masu damuwa mai tsanani da likitan ƙwaƙwalwa ya zaɓa musu shi da sani. Maganar tana kan wanda rashin barci ne kaɗai damuwarsa.

Shi wannan, tambayar farko ita ce me ya hana barcin. Ana kiran rashin barci mai daɗewa idan ya kai dare uku a mako har wata uku, kuma sau da yawa akwai abu a ƙarƙashinsa: damuwa, ciwon gaɓoɓi, yawan fitsarin dare, goro ko shayi ko kofi da yamma, ko ɗaukewar numfashi cikin barci. Wannan na ƙarshe ya cancanci kulawa, domin mai minshari da ke shaƙewa yana farkawa, ƙiba ce ke ƙara masa ciwo, kwetiyafin kuma yana ƙara ƙiba. Maganin da kwalejin likitocin Amurka ta sa a gaba tun 2016 horo ne na gyaran ɗabi'ar barci, zama huɗu zuwa takwas. Jigonsa shi ne a daidaita lokacin kwanciya da ainihin barcin da ake samu. Wanda ke kwana sa'a takwas a gado yana barcin biyar, sai a taƙaita masa zuwa kamar biyar da rabi, da lokacin tashi guda kullum, a riƙa ƙara minti goma sha biyar idan barcin ya haɗe. Idan ya kwanta barci ya ƙi zuwa, ya tashi ya bar gadon har sai ido ya yi nauyi. Makon farko yana da wuya, amma amfanin yakan ci gaba bayan an gama, abin da ƙwaya ba ta yi.

Wanda ya daɗe yana shan kwetiyafin kada ya yanke shi dare ɗaya. Ƙwaƙwalwar da ta saba da toshewar histamin takan yi tawaye idan aka buɗe ta farat ɗaya: barci ya ƙaurace fiye da da, ga tashin zuciya, ciwon kai, jiri da saurin fushi. Da yawa sukan ɗauka ciwonsu ne ya dawo, su koma kan ƙwayar, alhali alamun janyewa ne da kan lafa cikin kamar mako guda. Takardar maganin ta ce a janye a hankali cikin aƙalla mako ɗaya zuwa biyu, likitoci kuma kan ja shi fiye da haka ga wanda ya yi watanni a kai. Ga malamar da ke kan 100, ana iya saukowa 75, sannan 50, sannan 25, sannan rabin ƙwaya, kowane mataki mako ɗaya ko biyu, a tsaya a inda aka ji wuya kafin a ci gaba. Matakin ƙarshe ne ya fi ba da wahala, domin ko rabin ƙwaya na riƙe da mazaunan histamin da yawa, shi ya sa ake fara horon barcin tun kafin a kai can. Ana ci gaba da auna nauyi da sukari bayan an daina, domin yunwar takan lafa da wuri, amma kilon da aka tara yakan ɗauki watanni kafin ya sauka.